Mintin da Manhaja Ta Makance: Iyakar Tambaya a Kafofin Farashi na Kyauta

Layi goma sha biyar na Python sun isa mutum ya rubuta 'yar manhajar da za ta riƙa leƙa farashin Bitcoin, ko dala, ko hannun jarin wani kamfani, ta turo masa saƙo a waya in farashin ya faɗi. Ɗalibai da masu koyon shirya manhaja kan fara da irin wannan aiki, domin yana da sauƙi kuma ana ganin amfaninsa nan take. Ranar farko komai na tafiya daidai. Kashegari sai a wayi gari manhajar ta tsaya cik, ko kuma, abin da ya fi muni, tana nan tana aiki amma farashin jiya take nunawa.

Yawanci ba intanet ce ta yanke ba. Kamfanin da ke bayar da farashin ne ya rufe ƙofa, saboda manhajar ta wuce adadin tambayoyin da aka yarje mata.

Kamfanoni irin su CoinGecko da Alpha Vantage suna buɗe wata kafa da ake kira API, inda manhaja ke aika tambaya ta karɓi amsa ba tare da mutum ya buɗe shafi ba. Kowace amsa tana cin kuɗin kamfanin: wuta, kwamfutoci, layin intanet, ga kuma lasisi, domin farashin hannun jari kaya ne da kasuwanni irin su Nasdaq ke sayarwa. Abin da suke bayarwa kyauta ɗanɗano ne, kamar yankar da mai tsire kan miƙa wa mai taya. Wanda ya tsaya yana ta miƙo hannu, dole a ƙarshe a ce masa ya isa haka.

Tsarin kyauta na CoinGecko, wanda suke kira Demo, ya isa misali. A shekarar 2024 iyakarsa biyu ce: tambaya 30 a minti ɗaya, da tambaya 10,000 a wata. Sabon shiga yakan ga ta farkon, ya yi lissafi cewa kuɗaɗen intanet guda goma kawai yake bibiya, kowanne tambaya ɗaya a minti, wato goma cikin talatin, saura ma da rara. Ta biyun ce ke kayar da shi. Tambaya goma a minti na nufin 14,400 a kwana guda, don haka rabon wata ɗungurungum zai ƙare cikin minti 1,000, wato awa 16 da minti 40. Wanda ya kunna manhajarsa bayan sallar asuba, ba zai kai tsakar dare ba, kuma sauran kwanakin watan sai dai kallo.

Ko da ya rage zuwa tambaya ɗaya tak a minti, bai tsira ba, domin wata mai kwana 30 yana da minti 43,200. Lissafin da ya kamata a fara yi kafin a rubuta layi ko ɗaya shi ne raba wannan adadi da 10,000, wanda ke ba da minti huɗu da 'yan daƙiƙu. A taƙaice, tambaya ɗaya kowane minti biyar: 8,640 a wata, da rarar 1,360 don gwaji da ranar da abu ya lalace.

To yaya za a bibiyi kuɗi goma da tambaya ɗaya? Kafar da kanta ta tanadi hanya, sai dai da yawa ba sa karanta takardar bayaninta har su kai wurin. Ana jera sunayen duka a tambaya guda, a raba su da waƙafi:

```
/api/v3/simple/price?ids=bitcoin,ethereum,tether&vs_currencies=usd,ngn&include_last_updated_at=true
```

Amsa ɗaya za ta zo ɗauke da farashin kowanne a dala da naira, tare da lokacin da aka sabunta shi. Wannan lokacin yana tona wani asiri: kamfanin ba ya lissafa sabon farashi duk sanda aka tambaye shi. Yana ajiye amsa ne na wajen minti guda ga masu tsarin kyauta. Manhajar da ke tambaya kowace daƙiƙa biyar tana kashe tambaya goma sha biyu ne don ta karɓi lamba guda sau goma sha biyu.

Idan aka wuce iyaka, amsar da aka saba gani ita ce lamba 429 tare da kalmomin `Too Many Requests`. An shigar da ita ƙa'idojin intanet a watan Afrilun 2012, cikin takardar RFC 6585. Sau da yawa tana zuwa da wani ɗan layi a kanta mai suna `Retry-After`, wanda ke faɗin daƙiƙa nawa za a jira. Wato kamfanin bai tsaya ga kora ba, har lokacin dawowa yake faɗa.

Manhajar da aka rubuta cikin gaggawa ba ta sauraren wannan. An koya mata abu ɗaya ne: in tambaya ta gaza, sake. Kuma amsar ƙi tana dawowa da sauri fiye da amsar gaske, tunda ba a nemo komai ba. Sakamakon haka, manhajar da a da take tambaya goma a minti, da zarar an fara ƙin ta sai ta koma ɗaruruwa, daidai lokacin da aka ce ta sassauta. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Binance ta rubuta hukuncin wannan ɓaro-ɓaro a takardunta. Wanda ya ci gaba da tambaya bayan an ba shi 429, za a toshe adireshinsa na IP, ya riƙa samun lamba 418. Toshewar tana farawa daga minti biyu, tana ƙaruwa ga mai maimaita laifi har ta kai kwana uku. Lambar 418 ɗin ma da raha ta samo asali: wata takardar barkwanci ce ta ranar 1 ga Afrilun 1998 ta ƙirƙiro ta a matsayin amsar butar shayi da aka nemi ta dafa kofi. Wanda manhajarsa ta yi kwana uku a waje dai ba dariya zai yi ba.

Akwai wani abu a tsarin Binance da ke rikita mutane. Ba tambayoyi take ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya ba, nauyinsu take aunawa, domin neman farashi guda bai kai neman dogon jerin masu saye da sayarwa wahala ba. Kowace amsa tana zuwa da layin `X-MBX-USED-WEIGHT-1M`, mai nuna nauyin da aka riga aka ci a wannan mintin. Kuma lissafin a kan adireshin IP yake, ba a kan mutum ba. Kamfanonin waya kan ɗora dubban masu amfani a bayan adireshi ɗaya, haka ma ofis ko ɗakin kwamfuta na jami'a, haka ma kafofin da ke ba da aron kwamfuta kyauta a intanet. Saboda haka mutum na iya samun 429 a tambayarsa ta farko, laifin wani da bai taɓa gani ba.

Duk da haka, kora mai ƙara ta fi ta shiru sauƙi. Alpha Vantage, wadda ke ba da farashin hannun jari da canjin kuɗi, ta daɗe tana ba da tambaya biyar a minti da 500 a rana kyauta. A 2023 ta zaftare abin har ya koma 25 a rana, manhajojin da suka shekara suna aiki lafiya suka fara faɗuwa ba tare da an taɓa musu ko harafi ba. Mai bibiyar kamfani goma kowane minti zai cinye rabonsa a tsakiyar zagaye na uku, alhali kasuwar New York awa shida da rabi take yi a buɗe.

Abin da ya sa tata ta fi haɗari shi ne yadda take ƙin. Ba 429 take turowa ba. Lamba 200 take turowa, wadda ke nufin komai lafiya, sai dai a cikin amsar, inda ya kamata a ga `Global Quote` da farashi, sai a tarar da `Information` ko `Note` da 'yar sanarwa cewa rabon yau ya ƙare. Manhajar da lambar kawai take dubawa za ta wuce da gaba gaɗi. In mai ita ya yi sa'a, za ta faɗi da `KeyError`, ya gane akwai matsala. In kuwa ya taɓa jin haushin faɗuwar ya lulluɓe wurin da `except: pass`, to manhajar za ta riƙe farashin ƙarshe da ta sani, ta yi ta kwatanta shi da kansa, ta ga babu canji, ta yi shiru. Wata kuma takan ɗauki rashin amsa a matsayin sifili, ta tashi mai gida cikin dare da labarin cewa jarinsa ya rushe. A wurin mai sa ido a kan farashi, "bai motsa ba" da "ban gani ba" magana biyu ce, kuma manhajar da ta kasa bambanta su ta fi rashinta cutarwa.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Farashi ya tsaya a lamba guda har awa biyu ana tsakiyar ciniki. Manhajar na mutuwa a kusan lokaci ɗaya kullum, ko a farkon kowane wata ta farfaɗo da kanta. Maganin shi ne a riƙa adana lokacin da aka samu amsa mai kyau ta ƙarshe, in ya wuce, a ce, ninki uku na tazarar da aka saba, manhajar ta turo saƙo cewa ta makance.

Sauran gyaran ɗan kaɗan ne:

```python
if r.status_code == 429:
    jira = int(r.headers.get("Retry-After", 60))
    time.sleep(jira + random.uniform(0, 5))
```

Ma'anarsa: in an ce jira, a jira iya abin da aka faɗa, in ba a faɗa ba a ɗauki minti ɗaya. Ƙa'ida ta yarda `Retry-After` ya zo da kwanan wata maimakon daƙiƙu, don haka manhajar da za ta daɗe tana aiki sai ta iya karanta duka biyun. In an dawo aka sake ƙi, sai a ninka jiran, daga 60 zuwa 120 zuwa 240, a sa masa rufi, bayan 'yan gwaji kuma a haƙura a sanar da mai ita.

'Yan daƙiƙun da `random.uniform` ke ƙarawa su ma da dalilinsu. Dubban manhajoji an saita su su tashi daidai kan minti ko kan awa, kuma in an ƙi su tare, tare za su dawo. Ɗan bambancin lokaci shi ke warwatsa cunkoson.

Wasu kan bi ta bayan gida, su buɗe asusu biyar da imel biyar su riƙa juya makullai. Yawancin kamfanonin sun haramta wannan a sharuɗɗansu, kuma makullai biyar daga adireshi ɗaya ba su da wuyar ganewa. Wanda aikinsa ke buƙatar farashin kowace daƙiƙa da gaske, hanyoyi biyu ne a gabansa. Ko ya biya, ko ya koma WebSocket a inda ake ba da shi, kamar Binance: a buɗe layi sau ɗaya, kamfanin ya riƙa turo farashi da kansa duk sanda ya canza. Shi ma da nasa sharaɗin, domin Binance na yanke kowane layi bayan awa 24, kuma ta ƙayyade yawan sabbin layukan da adireshi ɗaya zai buɗe cikin minti biyar, don haka manhajar da ke sake haɗawa bayan yankewa ita ma sai an koya mata jira da ninkawa.