Kumburin Bayan Kunne: Me Ya Sa Ba A Kwana Da Shi A Gida?

Duk wanda ya shafa bayan kunnensa zai ji wani ƙashi mai ɗan tudu. Daga waje kamar dunƙulalle yake, amma cikinsa 'yan ƙananan ramuka ne masu iska, kamar saƙar zuma. Wata 'yar kafa ce ta haɗa ramukan nan da ɗakin da ke bayan dodon kunne, wanda ake kira tsakiyar kunne. Idan mugunya ta taru a tsakiyar kunne ta rasa mafita, sai ta bi kafar ta cika ramukan, ta soma cinye siraran bangayen da suka raba su. Wannan ne ciwon da likitoci ke kira mastoyidaitis, kuma ya fi kama ƙananan yara, musamman 'yan ƙasa da shekara 2.

Yawanci daga mura abin yake farawa. Akwai wani siririn bututu da ya haɗa tsakiyar kunne da bayan hanci, wanda ta nan iska ke shiga, ruwa ke fita. A jikin yaro bututun gajere ne, kuma a kwance yake, shi ya sa mura ke saurin toshe shi, ƙwayoyin cuta kuma su hau ta cikinsa. Akasarin ciwon kunnen da ke biyo baya yakan warke ba tare da wata matsala ba. Kaɗan ne ke kaiwa ga ƙashi, amma wannan kaɗan ɗin kan iya kisa.

Mu ɗauki misalin yaro ɗan wata 18. Ya yi mura, sai zazzaɓi ya rufe shi, yana kuka cikin dare yana jan kunnen dama. Aka sayo masa amoksisilin na ruwa a kemis, aka ba shi na kwana 2, jiki ya yi sanyi, aka ajiye kwalba. Sai mugunya ta fara fita daga kunnen, kuka ya ragu, uwa ta ce ciwo ya fashe, sauƙi ya samu. Abin da ya faru shi ne dodon kunne ya huje, matsi ya ragu, amma ƙwayoyin cutar suna nan. Aka riƙa ɗiga masa mai, ana toshe kunnen da auduga. Bayan kamar mako 2 zazzaɓi ya dawo, yaro ya ƙi nono, bayan kunnen ya yi ja ya kumbura, ko yatsa aka ɗora sai ya tsala ihu. Maganin da aka katse bai kashe cutar ba, ya dai lafar da alamunta har ta samu damar shiga ƙashi.

Ta yaya uwa za ta bambanta wannan da kaluluwa? Ta tsaya a bayan yaron ta kwatanta kunnuwansa biyu. Idan ƙashin ne ya kamu, kunnen da ke ciwo zai ɓullo waje ya karkato gaba ko ƙasa, kuma 'yar kwarin da ke tsakanin kunne da kai za ta shafe. Kumburin shimfiɗaɗɗe ne a kan ƙashi, da zafi, wani lokaci da laushi idan mugunya ta taru. Ita kuwa kaluluwa 'yar ƙwallo ce mai iyaka, tana motsi ƙarƙashin yatsa, ba ta ture kunne, kuma sau da yawa za a tarar da makero ko ƙuraje a fatar kai. A lura kuma, ba dole ne a ga mugunya tana fita ba, domin ƙashin kan kamu dodon kunne bai huje ba. Idan an yi shakka, ma'aikacin lafiya ne zai raba gardama, a ranar.

Dalilin gaggawar shi ne maƙwabtan wannan ƙashi. Kumburin da ido ke gani mugunya ce da ta huda ƙashin ta fito ƙarƙashin fata, kuma yadda ta huda ta waje haka za ta iya hudawa ta ciki. Rufin ramukan siririn ƙashi ne, a samansa kuma rigar ƙwaƙwalwa take. Idan cutar ta ratsa nan sai ta zama sanƙarau, ko mugunya ta taru a cikin ƙwaƙwalwa. Ta baya akwai babbar hanyar jini da ke kwashe jini daga ƙwaƙwalwa, wadda kan iya toshewa da gudan jini mai ɗauke da cuta. Jijiyar da ke motsa fuska ta cikin ƙashin ta ratsa, idan ta taɓu baki ya karkace, ido ɗaya ya ƙi rufuwa. Can ciki kuma akwai sashen ji da daidaita tsayuwa, wanda lalacewarsa ke kawo jiri da kurumtar da ba ta warkewa. Mugunyar takan ma gangara cikin wuya. Saboda haka sandarewar wuya, jijjiga, yawan amai, matsanancin ciwon kai, barcin da ba a iya tashin yaro daga shi, ko karkacewar baki, duk suna nuna cutar ta ƙetare iyaka. Ba a jiran ganinsu kafin a tashi.

Wannan ne kuma ya sa sakiya ba ta magance shi. Wanzami zai iya fitar da mugunyar da ke ƙarƙashin fata, kumburi ya saɓe, hankalin gida ya kwanta, alhali tushen ciwon yana cikin ƙashi yana ci gaba da aikinsa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga ƙananan asibitoci a fili take: yaron da ke da kumburi mai zafi a bayan kunne, a ba shi kashin farko na maganin kashe ƙwayoyin cuta da farasitamol, a tura shi babban asibiti nan take.

A can za a kwantar da shi, a duba dodon kunne da fitila, a ɗebi mugunya a kai gwaji don a san ƙwayar cutar. Za a fara ba shi magani ta jijiya, irin su seftiriyazon, domin na sha ba ya isa a wannan mataki. Idan dodon kunnen bai huje ba, likitan kunne, hanci da maƙogwaro zai yi masa 'yar ƙaramar kafa don mugunya ta fita. Idan ana zargin cutar ta shiga ciki, sai a ɗauki hoton kai na siti sikan. In aka yi awa 48 babu sauƙi, ko mugunya ta taru, ko wata alamar haɗari ta bayyana, sai tiyata: a tsaga bayan kunne a share ramukan da suka ruɓe. Bayan sallama ana ci gaba da shan magani har ya ƙare, sannan a koma a gwada jin yaron. Asibitocin koyarwa suna da irin waɗannan likitoci, haka ma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Wanda aka kai da wuri galibi yakan warke sarai.

Manya ma ba su tsira ba, musamman mai kunnen da ya shekara yana zubar da ruwa mai wari. Wani lokaci fata ce ke girma a inda bai kamata ba cikin tsakiyar kunne, tana cin ƙashi sannu a hankali, kuma tiyata ce kaɗai ke cire ta. Irin wannan mutum idan ciwon kai mai tsanani ko jiri ya taso masa, ranar zai nemi likita.

Hanyar toshe wannan ciwo tun daga tushe a sarari take. Allurar rigakafin da ake yi wa jarirai a mako 6 da 10 da 14 ta haɗa da kariya daga wasu ƙwayoyin da ke kawo ciwon kunne. Yaro mai ciwon kunne da zazzaɓi a kai shi a duba, in an rubuta magani a ba shi har kwanakin su cika ko da ya warware. Kunne mai zuba a riƙa tsane shi da tsumma mai tsabta da aka murɗa, kada a ɗiga mai ko ruwan ganye, kada a toshe shi, kada ruwan wanka ya shiga. Zubar da ta kai kwana 14 ta zama daɗaɗɗen ciwo mai buƙatar likita. Idan kuwa bayan kunne ya kumbura, to maganin gida ya ƙare, sai asibiti, ko da tsakar dare ne.