Awa huɗu a asibitin Ingila: yadda wa'adi ya gyara aiki, da yadda ya karkatar da shi

A shekarar 2000 gwamnatin Tony Blair ta yi wa mutanen Ingila wani alkawari mai sauƙin ganewa. Duk wanda ya shiga sashen gaggawa na asibitin gwamnati, kafin awa huɗu ta cika za a duba shi, sannan a sallame shi, ko a ba shi gado, ko a tura shi wani asibitin. Kafin lokacin ba baƙon abu ba ne tsoho ya kwana a kan gadon turawa a baranda yana jiran likita. A 2004 aka tsayar da ƙa'idar a kan kashi 98 cikin 100 na masu zuwa, domin likitoci sun nuna cewa akwai majinyatan da lalurarsu ce ke sa a daɗe da su, ba sakaci ba.

Alkawarin bai tsaya a bakin 'yan siyasa ba. Daga 2001 zuwa 2005 aka riƙa raba wa asibitocin hukumar lafiyar ƙasar, wato NHS, taurari, daga uku zuwa babu ko ɗaya, ana bugawa a jaridu kowa ya gani. Shugaban asibitin da ya tashi babu tauraro yakan kwana da fargabar rasa kujerarsa. A ofishin Firayim Minista kuma aka kafa wani ƙaramin sashe ƙarƙashin Michael Barber, aikinsa bin alƙaluman a kai a kai da tuhumar wanda ya gaza.

Gaskiyar da ya kamata a fara faɗa ita ce, abin ya yi aiki. Jira ya ragu ƙwarai. Asibitoci sun ƙaro ma'aikata, sun ware layi na daban ga masu ƙananan raunuka don kada mai targaɗe ya zauna a bayan mai ciwon zuciya, sun kuma matsa wa ɗakin gwaji da na hoto su riƙa fito da sakamako da wuri. Masu ganin cewa duk wani wa'adi a aikin gwamnati yaudara ce ba su yi wa wannan tarihi adalci ba. Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba.

Matsalar tana cikin ginin ƙa'idar kanta. Layi ɗaya ta shata, kuma abu biyu kaɗai ta sani: ka tsallake ko ba ka tsallake ba. Wanda aka sallama cikin minti arba'in da wanda aka sallama saura minti ɗaya awa huɗu ta cika, darajarsu ɗaya a takarda. Haka wanda ya zarce da minti biyar da wanda ya kwana ya yini, laifinsu ɗaya. To, ka sa kanka a matsayin babbar nas mai kula da sashen da ƙarfe biyun dare. Gado ɗaya ya samu a ɗakin kwanciya, mutum biyu na jiransa. Ɗaya ya yi awa uku da minti hamsin, ɗayan ya riga ya yi awa shida kuma ya fi jin jiki. Hankali da tausayi sun ce a ba na biyun. Ƙa'ida kuwa ta riga ta yi asararsa, ko an ba shi gadon ko ba a ba shi ba an rubuta shi cikin waɗanda aka gaza, alhali na farkon har yanzu ana iya cetonsa a lissafi. Ba sai nas ɗin ta kasance muguwa ba. Ya isa a ce ita za a kira ofis da safe ta yi bayani.

Bari mu ƙaddara asibiti biyu don misali, kowanne ya karɓi mutum 100 a rana, ana kuma neman kashi 95, kamar yadda aka sassauta ƙa'idar a 2010. Na farko ya fitar da 95 cikin wa'adi, amma 30 daga cikinsu a minti goman ƙarshe aka yi ta ingiza su waje, biyar ɗin da suka saura kuma kowanne ya yi awa goma sha biyu. Na biyu ya fitar da 92, akasarinsu cikin awa biyu, takwas ɗin da suka zarce kuwa babu wanda ya kai awa biyar. Rahoton da zai isa teburin minista zai ce na farko ya ci, na biyu ya faɗi. Amma wanda mahaifiyarsa ba ta da lafiya, in ya ga cikakken bayanin, ya san inda zai kai ta.

Yaya ake gane irin wannan? Ba a duba kashin da aka bayyana. Sai a ɗauko lokacin kowane majinyaci, a jera su minti goma-goma, a ƙirga mutum nawa suka fita a kowane zango. Inda aiki ke tafiya bisa buƙatar marasa lafiya, adadin yakan hau ya sauko a hankali, ba ruwansa da awa huɗu. Inda agogo ake yi wa aiki, sai a ga adadin ya yi tsalle daf da cikar wa'adi, sannan ya rikito da zarar an wuce shi. An ga wannan tsalle ƙarara a alƙaluman asibitocin Ingila. Ciwo bai san awa huɗu ba, don haka dalilin tsallen yana wajen ma'aikata: ko dai sun yi gaggawar kwantar da wanda da an ɗan jira sakamakon gwajinsa da gida zai tafi, ko kuma alƙalami ya gyara lokacin.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan muni. A wancan lokacin agogon ba ya fara bugawa sai an karɓi majinyaci, saboda haka a wasu wurare aka riƙa barinsa a cikin motar ɗaukar marasa lafiya a ƙofar asibiti har sai an ga sarari. Lissafin sashen gaggawa ya yi kyau, amma motar da ya kamata ta koma ɗauko wani tana tsaye. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Malaman jami'a biyu, Gwyn Bevan da Christopher Hood, sun tattara irin waɗannan dabaru a wani nazari da suka wallafa a 2006, kuma tun a 1975 masanin tattalin arziki Charles Goodhart ya yi gargaɗin cewa ma'auni yakan daina faɗin gaskiya da zarar an ɗora masa nauyin hukunci. Ƙarshen wannan hanya shi ne abin da ya faru a asibitin Stafford tsakanin 2005 da 2009, inda binciken da lauya Robert Francis ya jagoranta, wanda ya fito a 2013, ya gano shugabanni sun shagala da cika ƙa'idoji da tsimin kuɗi, marasa lafiya kuma suna kwance cikin ƙazanta da ƙishirwa.

Su kansu motocin ɗaukar marasa lafiya suna da nasu wa'adin, kuma labarinsu ya fi koyar da yadda ake gyara. An ce a kai ga kashi 75 cikin 100 na kiran da rai ke cikin haɗari cikin minti takwas. Duk wani ma'aikaci da ya isa wurin ya tsayar da agogo, ko da a ƙaramar mota ko babur ya zo. Sai hukumomi suka yawaita tura mutum ɗaya da gudu don a kashe agogo, mai shanyewar ɓarin jiki kuwa, wanda babbar buƙatarsa a ɗauke shi zuwa asibiti, ya ci gaba da kwanciya yana jiran motar da za ta iya ɗaukarsa. A nan ma an ga lokutan da aka rubuta sun taru daidai ƙasa da minti takwas.

A 2017 aka sake tsarin, kuma ba a soke awo ba, fasalinsa aka canza. Aka kasa kira gida huɗu. Mafi tsanani, kamar tsayawar zuciya, ana so matsakaicin lokacin isa ya zama minti 7, sannan tara cikin goma a kai gare su cikin minti 15. Na biye, kamar bugun zuciya da shanyewar jiki, matsakaici minti 18, tara cikin goma kuma cikin minti 40. Hikimar ita ce, matsakaicin lokaci yana ƙirga kowa da kowa, saboda haka babu majinyacin da aka riga aka yi asararsa. Duk mintin da aka bar mutum yana jira zai bayyana a lissafi. Ma'auni na biyun kuma yana tsare waɗanda ke can ƙarshen layi. Ban da haka, ga wanda ke buƙatar a kai shi asibiti a rukuni na biyu, agogo ba ya tsayawa sai motar da za ta ɗauke shi ta iso.

Da za a yi wa sashen gaggawa irin wannan gyara, da a gefen awa huɗu sai a ajiye abin da zai tona asirin mai wayo: yawan waɗanda suka wuce awa goma sha biyu, yawan waɗanda aka sallama suka dawo cikin mako guda, waɗanda suka gaji suka tafi ba a duba su ba, da tsawon lokacin da mota ke tsayawa a ƙofa. Wanda ya kori majinyata don ya cika wa'adi, masu dawowa za su fallasa shi. Wanda ya ajiye su a mota, lissafin ƙofa zai kama shi. A ganina huɗu ko biyar sun isa. In suka kai arba'in, nas za ta koma magatakarda.

Saura batun wanda ke riƙe da alƙalami. Muddin wanda za a hukunta shi ne mai rubuta sakamakon, to an bai wa kura ajiyar nama. Mu a Arewa mun san wannan daga rigakafin shan inna. Rahotanni sun sha nuna an ɗiga wa kusan kowane yaro, cutar kuma tana ci gaba da ɓulla, har aka gano ana shafa wa wasu yara tawada a yatsa ba tare da an ɗiga musu komai ba. Abin da ya taimaka shi ne tura masu bincike na daban su zaɓi gidaje su duba da kansu, da kuma ba tawagogi wayoyin da ke nuna unguwannin da ƙafarsu ta taka.

Batun ya zo ƙofarmu yanzu, tunda gwamnatin tarayya tana maye gurbin tsohon fom ɗin APER da sabon tsarin auna ƙwazon ma'aikata, ministoci ma sun sa hannu a takardar alkawarin cika aiki a 2023. Idan aka ce wa ofishin fansho ya kammala kowane fayil cikin kwana talatin, tambayar farko ita ce daga yaushe ake fara ƙirgen: ranar da tsohon ya miƙa takardunsa, ko ranar da akawu ya ga damar buga musu hatimin karɓa? Ta biyu kuma, fayil ɗin da ya riga ya wuce kwana talatin, wa zai sake waiwayarsa?

A Ingila dai, rabon da ƙasar baki ɗaya ta cika kashi 95 ɗin nan tun watan Yulin 2015. Jama'a sun ƙaru, tsofaffi sun yawaita, gadaje sun yi kaɗan, waɗanda suka warke kuma sukan rasa inda za a sallame su su je, sai sashen gaggawa ya cushe daga baya. Wannan cunkoso ba a sashen gaggawa aka haife shi ba, kuma matsa wa nas ɗin dare da agogo ba zai samar da gadon da babu ba.