Birkin Hannu na Lantarki: Abin da Ƙyaftawar Wutarsa ke Nufi, da Yadda Ake Sakinsa Idan Ya Cije

Duk wanda ya koyi tuƙi a tsohuwar Fijo ko Golf ya san birkin hannu: sanda ce a gefen direba, ka ja ta ka ji ƙarar haƙoranta, ka danna kanta ta sauka. A motocin zamani wannan sanda ta ɓace, an maye gurbinta da ɗan maɓalli mai harafin P. BMW na cikin kamfanonin da suka fara sa shi a shekarar 2001, yau kuwa ya cika motocin da ake shigo mana da su daga Turai da Amurka. Daɗin aiki gare shi, har ranar da ya cije. A ranar ce direbobi da yawa ke yi wa motarsu ɓarnar da ta fi asalin matsalar tsada.

Maɓallin nan ba shi ne ke riƙe mota ba, saƙo kawai yake aikawa kwamfutar motar. Ita kuma sai ta ba wa wasu ƙananan injinan lantarki wuta, ɗaya a kan kowace tayar baya. Injin ya juya wani dogon noti, notin ya tura takalman birki, waɗanda makanikai ke kira fad, su matse faifan tayar. Ƙarar nan mai kama da kukan ƙudan zuma da ake ji daga baya ta daƙiƙa ɗaya ko biyu, aikin injinan ne. Matsewar ba ta buƙatar wuta kafin ta dore, amma saki sai da wuta. Ke nan idan batir ya mutu, birkin na nan a cije, ko an danna maɓallin sau ɗari.

Wuta biyu ce ke magana a kan wannan birki a allon gaban direba. Ta farko ja ce, harafin P cikin da'ira, a wasu motocin Amurka kuma kalmar PARK ko BRAKE. Idan ta kama ta tsaya cak, lafiya lau, birkin ya kama ke nan. Idan tana ƙyaftawa, motar na cewa birkin bai gama kamawa ba, ko bai gama saki ba, ko kuma kwamfutar ta rasa gane halin da yake ciki. Kada a bar mota a gangare ana dogaro da birkin da wutarsa ke ƙyaftawa. Ta biyu ruwan ɗorawa ce, harafin P tare da alamar motsin rai ko hoton sifana. Ita tana nuna akwai lalura a tsarin, a kai wa mai gyara ba da jinkiri ba. Amma jan da'ira mai alamar motsin rai da ta ƙi mutuwa bayan an saki birki, wannan maganar daban ce: tana iya nufin man birki ya yi ƙasa, kuma ba a tuƙa mota a haka sai an duba.

Mu ɗauki misalin mai Honda Civic ƙirar 2016 da ya wanke motarsa, ya ajiye ta mako biyu cikin damina ya yi tafiya. Da ya dawo, motar ta tashi da ƙyar, jan wuta na ƙyaftawa, allo ya rubuta Electric Parking Brake Problem, tayoyin baya sun ƙi motsi. Me zai yi?

Ya fara da abin da ba ya cin ko sisi. Ya rufe ƙofa, ya ɗaura bel, ya taka birkin ƙafa sosai, sannan ya danna maɓallin ƙasa. Motocin nan ba sa sakin birki idan ƙafa ba ta kan feda, kuma sakin da suke yi da kansu in an taka totur, a yawancinsu sai direba na ɗaure da bel. Idan bai saki ba, ya kashe motar na minti ɗaya ko biyu, ya tayar, ya ja maɓallin sama kamar zai sake kama birkin, sannan ya danna ƙasa.

A nan ya sauke gilashi ya kasa kunne, domin kunne ne ke raba gardama. Idan bai ji komai daga baya ba, wuta ce ba ta isa: batir, ko fis, ko maɓallin da ƙura da zubewar lemo suka toshe. Batir ne ya fi yawan laifi. Lafiyayyen batir a kashe yana nuna kusan 12.6 a mita. Idan ya nuna ƙasa da 12, ya yi sanyi, kuma injinan birki na jan wuta da ƙarfi a lokacin da suke juyawa. A haɗa masa wuta daga wata mota, a bar ta tana aiki kamar minti goma, a sake gwadawa. Mota na aiki, mita ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5, in ba haka ba, na'urar cajin batir ce ke da magana.

Idan kuwa ya ji ƙarar injinan, jan wuta ta mutu, amma motar ta ƙi gaba, to tsatsa ce ta manne takalman da faifai, abin da wanki da ruwan sama ke jawowa. Ya sa giyar gaba a hankali, ya koma ribas a hankali, sau da yawa sai a ji ƙas, ta saki. Idan gefe ɗaya kaɗai ke ƙara, injin ɗaya gefen ya lalace, ko wayarsa ta tsinke, ko ruwa ya shiga soket ɗinsa.

Idan duk wannan ya faskara, saura saki da hannu, kuma aikin wanda ya iya ne. A sa giya a P, a tare tayoyin gaba da dutse ko katako gaba da baya, domin da zarar birki ya saki babu abin da ke riƙe motar sai giya. A ɗaga baya da jak, a sa abin tokare, a cire taya. A zare soket, a kwance notuna biyun da ke riƙe da injin, a cire shi. Kan dogon notin zai bayyana, a juya shi da makullin da ya dace har faifai ya riƙa juyawa. Ɓangaren da ake juyawa ya bambanta daga mota zuwa mota, don haka a duba littafin motar. Wasu motoci, irin su Land Rover Discovery 3, injin guda ne ke jan waya, kuma an tanadar musu wayar gaggawa da ake ja daga cikin mota. Ko ta wace hanya aka saki, motar ba ta da birkin ajiyewa sai an gyara, gareji kawai za ta nufa.

Abu biyu nake roƙon a guje musu. Kada a banka wa mota wuta don a ƙwace ta da ƙarfi, kuma kada a ɗaura igiya a ja ta tayoyi a cije. Takalma za su ƙone, faifai ya lanƙwashe. Na biyu, ranar canza takalman baya, a tambayi makanike ko yana da kwamfutar da ke sa birkin ya janye kansa kafin aiki. Wanda ya matse fistin da ƙarfin tsiya kamar a tsohuwar mota, zai iya farfasa abin da ke ciki, kuma sabon kayan ya ninka kuɗin takalman.

Mai mota, karanta shafin birki a littafin motarka tun kana gida, kafin ranar da za ka buƙace shi a bakin titi. Idan wutar nan ta fara ƙyaftawa, auna batir kafin ka bari kowa ya ɗora sifana a kan tayar baya.