Ba a raba gado ɗaki-ɗaki

A gidan mai mata biyu, da zarar an share makoki sai a fara jin maganar "ɗakinmu" da "ɗakinsu". Wasu ma sukan ba da shawarar a raba dukiyar biyu, kowane ɗaki ya kwashi rabi, wai don a zauna lafiya. Shari'a ba ta san wannan rabon ba. Mutum-mutum take bi, kowa da alaƙarsa da mamacin, kamar yadda ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i suka tsara.

Mu ɗauki wani magidanci a Kano da ya rasu ya bar uwargida da amarya, 'ya'ya maza uku, mata huɗu, da mahaifiyarsa. Uwargida 'ya ɗaya gare ta, sauran shidan na amarya ne. Da aka yi wa gidansa da kayan shagonsa kuɗi, aka haɗa da na banki, sai suka tashi naira miliyan 26.

Ba wannan kuɗin ake rabawa ba tukuna. Sai an ware abin da ba nasa ba ne, kamar kayan ɗakin matan da ajiyar da mutane suka ba shi. Sannan a fitar da kuɗin likkafani da binnewa, a biya bashi, har da ragowar sadaki idan wata matar tana bin sa. Daga nan sai wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji ita sai da yardar sauran magada. A ce jana'iza da bashi sun ci miliyan 1, ya kuma yi wasiyyar miliyan 1 ga masallacin unguwa. Saura miliyan 24.

Tunda ya bar 'ya'ya, rabon mata tumuni ne, wato ɗaya bisa takwas, miliyan 3 ke nan. Tumunin nan guda ɗaya ne, su biyun za su raba shi daidai, kowacce miliyan 1 da rabi. Shekara talatin da uwargida ta yi a gidan ba ta ƙara mata ko kwabo, haihuwa shida ma ba ta ƙara wa amarya. Mahaifiya tana da sudusi, ɗaya bisa shida, miliyan 4. Da mahaifi ne yake raye maimakonta, shi ma sudusin zai karɓa, saboda akwai ɗa namiji. Su kuwa 'yan'uwan mamacin ba su da komai, ɗansa ya katange su.

Ragowar miliyan 17 ta 'ya'ya ce, namiji yana ɗaukar rabon mata biyu. Maza uku kaso shida ke nan, mata huɗu kaso huɗu, jimilla goma. Kowane kaso naira miliyan 1 da dubu 700, shi ne rabon kowace 'ya, kowane ɗa kuma miliyan 3 da dubu 400.

Yanzu a duba abin da ya shiga kowane ɗaki. Uwargida da 'yarta sun tashi da miliyan 3 da dubu 200, amarya da 'ya'yanta miliyan 16 da dubu 800. Wannan tazarar ce take sa zuciya ta karkata ga raba-daidai, kuma na fahimci tausayin da ke ciki. Amma duk abin da za a ƙara wa ɗakin uwargida daga haƙƙin wasu za a yanko shi, wataƙila ma marayun da ba su balaga ba, waɗanda ba wanda yake da ikon yafe dukiyarsu a madadinsu. Baligin da ya so taimaka mata sai ya karɓi rabonsa tukuna, sannan ya ba ta da hannunsa.

Jinkiri ya fi komai ɓata irin wannan gadon. Akan ce a bar gidan yadda yake don kada a tarwatsa iyali, alhali tsohuwa tana da miliyan 4 a cikinsa tun ranar da ɗanta ya cika. Idan ta rasu kafin a raba, rabonta ya zama na magadanta, wato sauran 'ya'yanta. Baffannin da aka katange jiya sun zama masu haƙƙi a gidan, kuma muddin tana da ɗa namiji a raye, jikokinta na wajen mamacin ba sa cin ko sisi daga ciki. Gado ɗaya ya koma biyu.

Akwai jinkirin da yake da dalili. Idan ɗaya daga cikin matan tana da ciki, a mazhabar Malikiyya ana dakatar da rabo har ta haihu. A misalinmu, in ta haifi namiji mai rai kason 'ya'ya ya tashi daga goma zuwa goma sha biyu, in mace ce goma sha ɗaya, amma tumunin mata da sudusin mahaifiya ba sa motsi.