Idan grep Ta Yi Shiru

Editan mujalla yana da folda cike da tsofaffin labarai, fayil ɗaruruwa, kuma yana son sanin a ina aka taɓa rubuta "kuɗin makaranta". Buɗe su ɗaya bayan ɗaya aikin yini guda ne. A kwamfuta mai Linux ko macOS kuwa, sai ya buɗe Terminal ya rubuta layi ɗaya:

```
grep -rn "kuɗin makaranta" labarai/
```

Kafin ya ɗauke hannu amsa ta fito. Harafin `r` ne ya sa aka shiga kowace folda da ke cikin `labarai`, shi kuma `n` ya kawo lambar layi. Kowane sakamako yana zuwa da sunan fayil, da lambar, da layin da maganar take ciki. Alamun zancen nan dole ne: in babu su, `grep` za ta nemi "kuɗin" kawai, ta ɗauki "makaranta" a matsayin sunan wani fayil.

Ken Thompson ne ya rubuta wannan manhaja a Bell Labs da ke Amurka, ta bayyana a Unix a 1973. Layi-layi take karatu, shi ya sa girman fayil ba ya ba ta wahala.

Abin da ya fi cutar da sabon shiga shi ne shirunta. Idan ba ta sami komai ba, ba ta cewa uffan, sai mutum ya ɗauka maganar babu ita. Alhali sau da yawa tana nan, rubutun ne ya bambanta. A wurin `grep`, "Kuɗin" na farkon jimla daban yake da "kuɗin", sai an ƙara `i`. Ga kuma matsalar da mai rubutun Hausa ya fi kowa sani: marubuta da yawa ba sa sa ƙugiya, "kudin" suke bugawa. Maganin duka biyun:

```
grep -rni "ku[dɗ]in makaranta" labarai/
```

Bakan nan mai kusurwa yana nufin ko wanne daga cikin haruffan biyu ya zo, a karɓa, muddin kwamfutar da fayilolin suna kan tsarin UTF-8.

Karatun layi-layin ma yana da nasa cikas. Idan "kuɗin" ya faɗo a ƙarshen layi, "makaranta" ta koma farkon na gaba, `grep` za ta wuce su. Sai a nemi kalma ɗaya, a ƙara `-A1` domin a ga layin da ke biye.

Fayilolin Word na `.docx` kuma a matse suke, `grep` ba ta ganin kalmomin cikinsu. Sai editan ya fara adana su a matsayin `.txt`, na PDF kuma ya ciro rubutunsu da `pdftotext`, sannan ya sake bincike.