Yadda ƙafar jarumin wasan bidiyo take gane tudu da gangare

Duk wanda ya daɗe yana buga wasannin bidiyo ya taɓa ganin wannan abu. Jarumi ya tsaya a kan matakala, ƙafarsa ɗaya ta nutse cikin siminti har idon sawu, ɗayar kuwa tana reto a iska babu abin da ta taka. A wasannin da aka yi wa aiki sosai ba haka abin yake ba: jarumin zai ɗora ƙafar dama a kan dutse, gwiwarsa ta lanƙwashe, ƙugunsa ya ɗan sauka, tafin ƙafar ya kwanta daidai da karkatar dutsen. Abin da ya raba su wani lissafi ne da kwamfuta take yi sau 30 ko 60 a kowace daƙiƙa, wanda masu sana'ar suke kira IK a taƙaice.

Tushen matsalar yana wurin da ake haɗa motsin. A cikin jikin kowane jarumi akwai ƙwarangwal na lissafi: ƙugu, cinya, ƙwauri, idon sawu, yatsu. Mai tsara motsi yakan juya gaɓoɓin nan ɗaya bayan ɗaya, ko kuma a sa wa ɗan wasan kwaikwayo na'urori a jiki a naɗi tafiyarsa a sitidiyo. Ko ta wace hanya aka bi, a kan shimfiɗaɗɗen daɓe ake yin aikin. Abin da ake adanawa kuma kusurwoyi ne kawai: cinya ta juya digiri kaza, gwiwa digiri kaza. Ƙafa takan faɗa duk inda waɗannan kusurwoyi suka kai ta, ko akwai dutse a wurin ko rami.

Akwai kuma wani dalili da 'yan wasa da yawa ba su sani ba. Injin wasa ba ya auna ƙafafu idan zai tsayar da jarumi a ƙasa. Yakan rufe jikin duka da wata siffa marar ganuwa mai kama da kafso, ita ce take karo da bango, ita ce take hawa tudu. Ƙasan kafson yana taɓa ƙasa a wuri guda ne, a tsakiyar jiki. Ƙafafu biyu kuwa suna gefe da gefe, inda tsayin ƙasa zai iya bambanta.

IK yana juya tambayar ne. Maimakon a ce "ga kusurwoyi, ina ƙafa za ta faɗa?" sai a ce "ga inda ƙafa za ta taka, waɗanne kusurwoyi ne za su kai ta can?" Daga fannin mutum-mutumin masana'antu dabarar ta fito, inda ake son hannun ƙarfe ya kai kan wani ƙusa. A shekarar 1985 Michael Girard da Anthony Maciejewski na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka suka nuna yadda za a tafiyar da halittu masu ƙafafu da ita a zanen kwamfuta. Bayan shekara ashirin, wasan Shadow of the Colossus da ya fito a PlayStation 2 a 2005 ya yi suna wajen yadda kofatan doki da ƙafafun manyan dodanni suke bin yanayin ƙasa.

Mataki na farko shi ne a san inda ƙasa take. Daga wani wuri sama da kowace ƙafa, misali rabin mita, kwamfuta takan sako layi marar ganuwa zuwa ƙasa, kamar yadda magini yake sakin igiya mai nauyi a baki don ya duba gini. Inda layin ya bugi wani abu, sai ya dawo da labari biyu: tsayin wurin, da kuma inda fuskar wurin take kallo. Dole a fara daga sama, domin idan ƙafar ta riga ta nutse cikin dutse, layin da ya tashi daga cikin dutsen ba zai ga samansa ba. Sannan a ƙara tsayin da ke tsakanin tafin ƙafa da idon sawu, tun da gaɓar idon sawu ake kaiwa wurin. Wanda ya manta da wannan ƙari zai ga takalman jaruminsa sun shige ƙasa ko a fili.

Mataki na biyu shi ne zuciyar aikin, kuma lissafin sakandare ne. Cinya da ƙwauri da layin da ya haɗa ƙugu da idon sawu suna yin alwatika. Tsawon cinya sananne ne, na ƙwauri ma haka, nisan ƙugu zuwa inda ake son ƙafa ta taka kuma an riga an auna. Idan an san gefe uku na alwatika, dokar kosain tana ba da kusurwar gwiwa kai tsaye:

```
cos(K) = (a² + b² − d²) / (2ab)
```

A nan a cinya ce, b ƙwauri, d nisan ƙugu zuwa idon sawu, K kuma kusurwar cikin gwiwa.

A ɗauki jarumi mai cinya santimita 45 da ƙwauri santimita 45, wato iyakar miƙewar ƙafarsa santimita 90. Yana tsaye a fili, daga ƙugu zuwa idon sawu santimita 88 ne, lissafi ya ba da kusurwar gwiwa kusan digiri 156, ƙafa a miƙe da ɗan lanƙwasa kaɗan. Sai ƙafar dama ta ci karo da dutse mai tsayin santimita 20. Nisan ya koma 68, kusurwar gwiwa ta koma kusan digiri 98, cinya kuma ta ɗago gaba da kusan digiri 41 daga layin da ya haɗa ƙugu da ƙafa. Ƙafar ta hau dutsen, ba tare da wani ya taɓa zana wannan tsayuwa da hannu ba.

Rami shi ne ya fi wuya. Idan ƙasan da ke ƙarƙashin ƙafar hagu ta yi zurfin santimita 15, ana bukatar ƙafa mai tsawon 103, alhali 90 kawai ake da shi. Lissafin kansa zai lalace, domin zai nemi kosain da ya wuce iyakarsa. Mafita ita ce a sauke ƙugu. Ana duba ƙafafun biyu, a ɗauki wadda ƙasarta ta fi zurfi, a sauke ƙugu da wannan adadi. Da ƙugu ya sauka santimita 15, ƙafar hagu ta koma nisanta na 88, ta dama da ke kan fili kuma ta zama 73, gwiwarta ta lanƙwashe zuwa kusan digiri 108. Haka mutum yake tsayawa a gefen gangare: ƙafar ƙasa a miƙe, ta sama a naɗe. Shi ya sa ake gyara ƙugu kafin a warware ƙafafu. Idan an juya tsarin, ƙugun zai janye ƙafafun daga inda aka riga aka ajiye su.

Alwatikar ta bar tambaya ɗaya a buɗe. Ko an kafe ƙugu da idon sawu, gwiwa tana iya zagayawa ta kalli gaba, ko gefe, ko baya, kuma duk lissafin daidai ne. Don haka ake sa wani ɗigo a gaban gwiwa a ce ta riƙa fuskantarsa. Duk lokacin da aka ga gwiwar jarumi ta karye ciki ko ta juya baya, a fara binciken wannan ɗigon. Daga ƙarshe sai a juya tafin ƙafa ya kwanta a kan karkatar ƙasa, tare da iyaka, don kada idon sawu ya murɗe fiye da yadda na ɗan Adam zai iya.

Manyan injinan wasa sun tanadi waɗannan kayan aiki. A Unity akan kunna `IK Pass`, sannan a cikin `OnAnimatorIK` a kira `SetIKPosition` don wurin takawa, `SetIKRotation` don karkata, da `SetIKHintPosition` don ɗigon gwiwa. A Unreal akwai `Two Bone IK`. Idan gaɓoɓi sun fi biyu, kamar jela ko doguwar ƙafar wata halitta, alwatika ɗaya ba ta isa, sai a koma ga hanyoyin da suke matsowa kusa da amsa a zagaye da yawa. Ɗaya daga cikinsu ita ce FABRIK, wadda Andreas Aristidou da Joan Lasenby na Jami'ar Cambridge suka wallafa a 2011.

Duk wannan na jarumin da yake tsaye ne. Da ya fara tafiya sai wata matsala ta ɓullo: idan aka manna ƙafa da ƙasa a kowane lokaci, ba za ta taɓa ɗagawa ba, jarumin zai riƙa jan ƙafa. Hanya ɗaya ita ce a ba gyaran nauyi tsakanin 0 da 1, ya cika lokacin da ƙafa ta taka, ya ragu lokacin da take lilo a iska. Wata hanyar ita ce a bar tsayin da motsin asali ya ba ƙafar, a ɗora masa bambancin tsayin ƙasa kawai. Ƙafar da ta ɗaga santimita 10 a fili za ta ɗaga santimita 10 a saman dutsen ma.

Akwai aibin da ya fi kowanne bayyana ga ido, wato fizgar gwiwa, kuma lambobin da suka gabata sun nuna dalilinsa. Daga nisan 68 zuwa 70, gwiwa tana buɗewa da kusan digiri 4 ne kawai. Amma daga 88 zuwa 90, santimita biyun nan dai, tana tsalle daga digiri 156 zuwa 180, wato digiri 24. Kusa da cikar miƙewa, ɗan ƙaramin canji a ƙasa yana sa gwiwa ta yi fizga. Saboda haka masu sana'ar ba sa barin ƙafa ta miƙe gaba ɗaya. Sukan tsayar da ita kaɗan kafin iyaka, ko su sassauta santimitocin ƙarshe.

Bakin matakala ma yana da nasa tarko. Layin awo yana iya bugun saman mataki a wannan hoton, ya bugi na ƙasa a hoto na gaba, ƙafa ta yi ta rawa tsakanin biyun. Maganinsa shi ne a riƙa matsar da ƙafa da ƙugu zuwa sabon tsayi a hankali cikin 'yan hotuna, ko a sako ƙwallo mai faɗi a madadin siririn layi. Idan aka cika sassautawa kuma, ƙafa za ta makara ta nutse cikin mataki kafin ta hau. Wani lokaci laifin ba na lissafin ba ne sam. Masu gina filin wasa sukan shimfiɗa gangare marar ganuwa a kan matakala don kafson ya hau sumul, kuma idan layin awo ya bugi wannan gangaren maimakon matakan gaske, ƙafafu za su tsaya a iska a karkace.

Iyakar dabarar ita ce tana duba inda ƙafa take yanzu, ba ta zaɓen inda ya fi dacewa a taka. Mutum yana hango dutse ya gajarta taku, ya karkata ƙirji idan zai hau tudu. Gyaran ƙafa shi kaɗai ba ya yin wannan, shi ya sa a gangare mai tsauri jarumi yakan yi kamar yana tsugune. Wasannin da suka fi ci gaba sukan hasashe inda taku na gaba zai sauka, su auna ƙasan wurin tun ƙafa tana iska, su kuma haɗa da motsin hawa da sauka da aka naɗa daban. Gyaran sukan kashe shi idan jarumi ya yi tsalle ko yana iyo, haka nan ga mutanen da ke can nesa da kyamara, inda ido ba zai bambance santimita 15 ba.