Me zan rubuta a Subject? Layin da ke sa a buɗe imel ɗinka na neman aiki

Yau maganarmu a kan ɗan ƙaramin akwatin nan ce da ke saman imel, wanda aka rubuta Subject a jikinsa, wato kan saƙo. Wata ƙanwata ce ta janyo wannan hira. Ta ce min ta tura takardun neman aiki wurare da yawa, ko amsar "mun gani" ba ta taɓa samu ba. Na ce ta miƙo wayarta in duba abin da take turawa. Takardar tarihin karatu da aikinta, wadda muke ce wa sibi, ba ta da laifi ko kaɗan. Amma da na kalli kan saƙonnin nata, nan take na gane inda gizo ke saƙa.

Bari in fara gaya muku abin da ke faruwa a can ɗaya ɓangaren, don na taɓa zama a kujerar. Na yi aiki a wata ƙungiya inda nake taya jami'ar ɗaukar ma'aikata tace takardu. Idan muka fitar da sanarwa, ba gurbi ɗaya ba ne. Za ka ga ana neman direba, ana neman mai kula da sito, ana neman mataimakin akanta, kuma duk adireshin imel ɗaya za a turo. Kafin wa'adi ya cika, saƙonni sun taru jibgi. To, ba wanda yake farawa daga sama yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Rarrabewa ake fara yi. A Gmail akwai abin da ake kira Filter, a Outlook kuma Rules. Za a saita shi cewa duk saƙon da kansa ke ɗauke da kalmomi kaza, a kai shi folda kaza. Wanda bai saita ba kuma, wurin bincike yake zuwa ya rubuta abu kamar haka:

```
subject:"Finance Assistant"
```

Saƙonnin da suka fito, su ne za a duba na wannan gurbin. Wanda bai fito ba yana nan a akwati, ba a goge shi ba, amma sai an sami sarari za a waiwaye shi, kuma sau da yawa sararin ba ya samuwa. Wannan ne dalilin da ya sa sanarwoyin aiki a Najeriya suke yawan rufewa da cewa a sa sunan gurbin a matsayin kan saƙo. Ba ado ba ne, da shi ake nemo ka.

Yanzu mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce an yi sanarwa ana neman Finance Assistant a ofishin Kano, lambar gurbin FA/07, kuma an ce a rubuta sunan gurbi da gari da lamba a kan saƙo. Mai neman aikin mu kira ta Amina Bello, suna ne kawai na misali. Ga irin abin da yawancinmu muke rubutawa, kuma irinsa na tarar a wayar ƙanwar tawa:

```
Application for the position of Finance Assistant in your reputable organization
```

A ido, wannan ya yi kama da ladabi, don haka aka koya mana rubuta wasiƙa a makaranta. Amma allon waya ba ya nuna kan saƙo gaba ɗaya. Harafi 30 zuwa 40 yake nunawa, ya danganta da wayar da girman rubutu, sai ya datse sauran da ɗigo-ɗigo. Kwamfuta ta fi nuna da yawa, amma ita ma tana da iyaka. To ku ƙirga da ni. Kalmomin nan biyar na farko, daga Application zuwa of, idan aka haɗa da tazarar da ke bayan kowacce, harafi 32 ne. Ke nan duk filin da kake da shi ya ƙare kafin ka ambaci aikin da kake nema. Jami'ar da ke duba waya a hanya, abin da za ta gani shi ne wani yana neman wani aiki. Ga shi babu gari, babu lamba, alhali an ce a sa. Idan da lambar ake bincike, Amina ba za ta fito ba sam.

Ga yadda ya kamata ta rubuta:

```
Finance Assistant - Kano - FA/07 - Amina Bello
```

Ku sake ƙirgawa. Daga farko zuwa ƙarshen lambar gurbin, shi ma harafi 32 ne cif. A fili ɗaya, wancan bai faɗi komai ba, wannan ya faɗi aiki, ya faɗi gari, ya faɗi lamba. Sunanta ya zo ƙarshe da gangan, domin ko an datse shi ba a yi asara ba, sunan mai turowa yana bayyana a gefe. Amfaninsa shi ne daga baya, idan jami'ar ta tura saƙon ga shugaban sashe, ko aka zo neman takardun mutum ɗaya bayan intabiyu.

Abu biyu nake so ku riƙe a nan. Na farko, sunan gurbin a kwafo shi daga sanarwar a manna, kada a rubuta da ka. Na'ura ba ta san nufinka ba. Idan ka taƙaita ka rubuta Finance Asst, ko hannunka ya zame ka rubuta Assitant, ko ka ce ai Accountant ma duk ɗaya ne, to binciken zai tsallake ka. Na biyu, idan sanarwa ta ce sunan gurbi kaɗai za a sa, to shi kaɗai ka sa, kada ka ƙara komai. Wasu masu ɗaukar aiki suna kallon wannan a matsayin gwajin farko: an ba ka umarni mai sauƙi, ka bi ko ba ka bi ba? Wanda za a danƙa wa lissafin kuɗi, kun ga ba ƙaramin abu ba ne a ce tun a nan ya kauce.

Sai kurakuran da na fi cin karo da su. Akwai wanda zai bar wurin fayau, saƙo ya iso da (no subject) a kansa, da fayil a maƙale. Irin wannan mutane tsoron buɗe shi suke yi, don haka saƙonnin 'yan damfara suke zuwa. Akwai mai rubuta CV kawai, ko Good morning sir. Akwai mai roƙo da manyan baƙaƙe, URGENT, PLEASE HELP, da alamar motsin rai uku ko huɗu. Na san halin da ake ciki, wallahi na sani. Amma wannan salon ya yi kama da na tallace-tallacen banza, yana iya taimakawa a jefa saƙon cikin Spam, ko da ya tsira kuma ba ya ba ka kwarjini. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai Fwd: a gaba. Ya je kan saƙon da ya tura wa wata ma'aikata a watan jiya, ya danna Forward don kada ya sake loda sibi. Sai mu buɗe mu ga sunan wancan wurin da wancan gurbin a ƙasa. Ɗan'uwa, buɗe sabon saƙo, minti biyu ne.

Kan saƙo ba shi kaɗai ake gani ba kafin a buɗe. Abu uku ne a jere: sunan mai turowa, kan saƙo, da 'yan kalmomin farko na cikin saƙon. Sunan da yake fitowa shi ne wanda ka sa ranar da ka buɗe imel ɗin, wataƙila tun kana sakandare. Idan laƙabi ne irin na abokai, gyara shi ya dace da sunan da ke kan takardunka. A Gmail na kwamfuta za ka shiga Settings, sai Accounts and Import, sai wurin Send mail as, ka danna edit info. Layin farko kuma kada dogon gaisuwa ta cinye shi. Bayan gajeriyar gaisuwa, faɗi abin da ya fi ƙarfi a hannunka, misali cewa ka yi shekara uku kana aikin kuɗi a wata ƙungiya. Wannan ɗan guntun shi ne yake leƙowa a ƙarƙashin kan saƙon.

Wani zai ce, to idan ba sanarwa fa, ni ne kawai nake gwada sa'a? A nan babu kalmar da ake bincike da ita, mutum ne zai yanke hukunci da idonsa, don haka ba shi dalili. Faɗi sana'arka da hujja guda ɗaya da za a iya tabbatarwa:

```
Registered Nurse, 5 years ICU - Kaduna
```

Kalmomi irin su hardworking kowa yana rubuta su, ba sa bambanta ka da kowa. Idan kuma wani ma'aikacin wurin ne ya ce ka turo, fara da Referred by sai sunansa. Amma sai ka nemi izininsa tukuna, domin za a iya ɗaga waya a tambaye shi, idan ya ce bai san zancen ba, ka ɓata naka ka ɓata nasa.

Idan an yi shiru kana son tuntuɓa, je cikin Sent, buɗe saƙonka na farko, ka danna Reply. Zai sa Re: da kansa, kan saƙon bai canza ba, kuma tsohon da sabon za su haɗu wuri ɗaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka rubuta Re: da hannunka a saƙon farko don a ɗauka an taɓa magana da kai. Za a buɗe, eh, amma da an ga babu komai a baya, an gane dabara ce.

Ta yaya za ka san naka ya yi? Kafin ka tura musu, tura wa kanka ko wani na kusa, ka duba a waya ba tare da ka buɗe ba. Ka ga sunanka na gaskiya? Ka ga sunan gurbin bai datse ba? Sannan ka kwafo sunan gurbin daga sanarwar ka sa a wurin bincike, ka ga ko saƙon zai fito. Idan ya fito, ka haye wannan matakin.

Gaskiya guda kafin mu rufe: kan saƙo buɗewa kawai yake sa a yi. Idan an nemi shekara uku na ƙwarewa ba ka da su, ba zai ƙirƙiro maka su ba. Kuma wuraren da ake cike fom a shafinsu na intanet, babu ma wannan akwatin. Ita ƙanwar tawa, mun zauna mun gyara sunanta, mun sake tura guda biyu da wa'adinsu bai cika ba. Ku ma yau da dare ku buɗe Sent, ku karanta kan saƙonni biyar na ƙarshe da kuka tura, ku ƙirga harafi 32 na farko ku ga abin da suka faɗa. Allah ya ba mai nema sa'a. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.